Gem ɗaya, na'urori daban: abin da ke haɗa abokai daga Bagudo zuwa Segbana da abin da ke raba su

Daga Tsamiya, a ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, hanya ɗaya ce ke kai mutum Segbana a cikin Jamhuriyar Benin. Ta gefen Illo da Lolo kuwa, ana bin gaɓar Kogin Kwara a ɓulla yankin Malanbil. Mutanen waɗannan garuruwa sun daɗe da zama dangin juna, ana auratayya, ana cin kasuwa tare, wannan na riƙe da naira wancan na riƙe da sefa. Samarin yau sun ƙara wata hulɗar a kan ta iyayensu, wato buga gem ta intanet. Yaro yana zaune a Kaoje da layin MTN ko Airtel, ɗan baffansa yana Segbana da layin Moov, su shiga fili ɗaya a Free Fire su yi yaƙi a matsayin tawaga ɗaya, ba tare da wani jami'in kan iyaka ya tambaye su takarda ba.

Amma sau da yawa abin ba ya tafiya haka. A aika wa aboki gayyata ta ƙi isa. A nemi sunansa a ce babu mai wannan suna. Wani ya sayi sabuwar waya ya buɗe gem ɗin da ya shekara biyu yana gini a ciki, ya tarar an mayar da shi matakin farko. Akan ɗora laifin a kan rashin sabis, ko a ce don ɗaya yana wata ƙasa ne. A mafi yawan lokuta iyakar Najeriya da Benin ba ta da hannu a ciki. Kamfanonin gem sun shata nasu iyakokin tsakanin na'urori, tsakanin bugu da bugu, da tsakanin yankunan duniya, kuma su ne ke yanke hukuncin wa zai yi wasa da wa.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa, kuma dukkansu ana ganin sunayensu a allon gem. Na farko shi ne Cross-play: mai PlayStation da mai Xbox da mai kwamfuta su haɗu a wasa guda a lokaci guda. Na biyu shi ne Cross-progression: matakin da mutum ya kai, da 'yan wasan da ya tara, da kayan da ya saya, su bi shi duk na'urar da ya koma. Na farko magana ce ta mutane da yawa a fili ɗaya, na biyu kuma magana ce ta mutum ɗaya da dukiyarsa. Gem yana iya samun ɗaya ya rasa ɗaya. Call of Duty: Warzone Mobile, wanda ya fito a watan Maris na 2024, ya riƙa kai makamai da matakin mutum tsakanin waya da na'urar gida ko kwamfuta, amma mai waya bai taɓa shiga fili ɗaya da mai PlayStation ba. A ɗaya gefen kuma, gem ɗin ƙwallo na EA Sports FC yana haɗa mai PlayStation da mai Xbox a wasa, amma ƙungiyar da mutum ya gina a PlayStation ba ta binsa zuwa Xbox.

Shekaru kaɗan da suka wuce ko wannan ɗin ma babu. Kowane kamfani ya killace mutanensa, domin idan abokan mutum duka suna kan PlayStation, shi ma PlayStation zai saya. Microsoft ya buɗe ƙofarsa a 2016, Minecraft ya haɗa wayoyi da Xbox da kwamfuta a 2017, Sony kuwa ya toge. Rigimar ta fito fili a watan Yunin 2018, lokacin da Fortnite ya sauka a Nintendo Switch, mutane suka gano cewa duk asusun da aka taɓa amfani da shi a PS4 ba ya buɗuwa a sabuwar na'urar. Surutu ya yi yawa, a watan Satumba na shekarar Sony ya sassauta ga Fortnite, Rocket League ya biyo baya a farkon 2019. Daga baya, a shari'ar Epic Games da Apple ta 2021, takardun da aka gabatar wa kotu sun nuna cewa Sony ya gindaya sharaɗin a riƙa biyansa diyya idan mutane suna wasa a na'urarsa amma suna kashe kuɗinsu a wani wuri. Wannan ya nuna cewa shingen na ciniki ne fiye da na fasaha, shi ya sa dokar kowane gem take daban, kuma dole a duba kowanne shi kaɗai.

A ɗauki misali da samari huɗu 'yan gida ɗaya. Na farko yana cikin garin Bagudo, yana da wayar Tecno, da yamma kuma yana zuwa shagon gem inda ake buga ƙwallo a PS4. Na biyu yana Segbana da wayar Infinix. Na uku ɗalibi ne a Birnin Kebbi, yana da laftof. Na huɗu, babban wansu, yana kasuwanci a Kwatano, yana da iPhone da PS5. Sun yi shawarar su riƙa haɗuwa kowace Juma'a da dare su buga ƙwallo.

Tambayar farko da za su yi ita ce ko gem ɗin da ke hannun kowa ɗaya ne da gaske, domin suna yana yaudara. FC Mobile da ke wayar na Segbana da FC 25 da ke shagon Bagudo duka na kamfanin EA ne, hotunan 'yan wasan ma iri ɗaya ne, amma gem biyu ne da ba su da wata mahaɗa. Haka PUBG Mobile yake da PUBG: Battlegrounds na kwamfuta, haka Call of Duty: Mobile yake da Call of Duty na PlayStation. Kowace shekara ma gem ce mai zaman kanta: mai FC 24 ba ya karawa da mai FC 25. Akwai kuma wani nau'in da ya yawaita a wayoyin yankin, wanda ake turawa juna ta Xender a buɗe shi da manhajar PPSSPP. Tsohon PES ne na na'urar PSP da wasu suka sauya wa riguna da sunayen 'yan wasa suka liƙa masa sunan sabuwar shekara. Yana da daɗi, mutum biyu da ke zaune kusa suna iya haɗa shi ta hosfot, amma ba shi da alaƙa da sabar Konami, don haka ba zai taɓa haɗuwa da eFootball na gaskiya ba. Tun a nan, na Segbana ya fita daga wasan FC 25, tunda ba shi da na'urar da ke ɗaukarsa.

Saura uku, kuma nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi. EA ya fara haɗa na'urori sosai a FIFA 23, ya faɗaɗa a FC 24, amma ya raba su gida-gida bisa zamaninsu. PS5 da Xbox Series X|S da kwamfuta suna rukuni ɗaya. PS4 da Xbox One suna nasu rukunin. Nintendo Switch yana shi kaɗai. Dalilin shi ne bugun sababbin na'urori da na tsofaffi ba iri ɗaya suke sarrafa motsin 'yan wasa da na ƙwallo ba, kuma wasan intanet yana buƙatar na'urorin biyu su riƙa lissafa abu ɗaya a kowane lokaci. Saboda haka ɗalibin Birnin Kebbi da babban wansa na Kwatano za su iya karawa, laftof da PS5. Na shagon Bagudo kuwa, duk da cewa PS4 da PS5 na kamfani ɗaya ne, ba zai ga ko ɗayansu ba.

Akwai mafita ga rabin matsalar. PS5 yana iya buɗe bugun PS4 na gem ɗin, don haka idan babban wan ya sauke wannan bugun ya shiga ta cikinsa, ya koma rukunin tsofaffin na'urori, zai haɗu da ƙanensa na Bagudo. Sai dai a wannan lokacin ya rabu da mai laftof, domin kwamfuta ba ta da bugun da ke shiga rukunin PS4. Babu wani saiti da zai tara su ukun a fili ɗaya. Duk wanda ya ce zai gyara wannan a ba shi kuɗi, bai faɗi gaskiya ba.

Ko haɗuwar Kwatano da Bagudon ma tana da sharuɗɗa. Dole kowannensu ya mallaki asusun EA, ya tabbatar Cross-play yana kunne a saitin gem, sannan a nemi aboki da sunansa na EA ID idan na'urorin ba na kamfani ɗaya ba ne. Gem ɗin da aka saya da kuɗi kamar FC yana buƙatar rajistar PlayStation Plus kafin ya shiga intanet a PS4 ko PS5, yayin da na kyauta irin su Fortnite da eFootball ba sa buƙata. Najeriya da Benin ba sa cikin jerin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe asusun PlayStation, shi ya sa mutane ke zaɓar Birtaniya ko Amurka ko Faransa. Ƙasar da aka zaɓa ba ta hana abokai haɗuwa, amma ba a sauya ta bayan an buɗe asusun, kuma katin kuɗin da za a loda dole ya zama na wannan ƙasar. Wanda ke da asusun Faransa ya sayi katin Amurka ya sayi abin da ba zai yi masa aiki ba.

Sannan akwai maganar ita kanta na'urar shagon. Yawancin PS4 da ake lodawa gem da yawa a kan kuɗi kaɗan an kwance musu tsaro ne, kuma hakan yana yiwuwa ne kawai idan an bar su a kan tsohuwar manhaja. Sabar Sony kuwa ba ta karɓar na'urar da ba a sabunta ba. Idan an sabunta, gem ɗin da aka loda sun daina buɗuwa, idan ba a sabunta ba, babu intanet. Mai shago da ya hana yara taɓa wurin sabuntawa yana da hujjarsa, domin jarinsa yake karewa, amma wannan na'urar ta mutum biyu ce da ke zaune gefe da gefe, ba ta kiran Kwatano ba.

Idan 'yan gidan nan huɗu suna son abin da zai haɗa su duka, waya ce mafitarsu. A Free Fire, PUBG Mobile, Call of Duty: Mobile da eFootball na waya, Android da iPhone suna fili ɗaya, babu bambanci tsakanin Tecno da Infinix da wayar Apple. Free Fire da Free Fire MAX, wanda Garena ya fitar a 2021, suna amfani da asusu ɗaya kuma masu su suna wasa tare, don haka mai ƙaramar waya zai riƙe na asali, mai babbar waya ya ɗauki MAX. Tawaga kuma mutum huɗu ce cif.

Ɗalibin zai iya cewa shi a laftof zai buga, ta manhajar da ke kwaikwayon waya kamar GameLoop. Yana yiwuwa, amma akwai farashi. Mai linzamin kwamfuta da babban allo ya fi mai yatsu biyu a kan gilashi saurin saiti, saboda haka PUBG Mobile yana gane masu irin wannan manhaja ya ware su. Idan mutum ɗaya a tawaga yana kan kwamfuta, dukan tawagar za a jefa ta cikin masu kwamfuta. Sauran ukun za su ga ana kashe su tun ba su ga mai harbin ba, su yi zaton hannunsu ne ya lalace. Ya fi musu alheri ɗalibin ya ɗauko wayarsa.

Shingen da ya fi ba mutane mamaki a waya shi ne na yanki. Free Fire yana da saba daban-daban, akwai ta Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka, akwai ta Afirka kudu da Sahara, akwai ta Indiya, ta Brazil da sauransu. Ana ɗora asusu a kan yankin da mutum yake a ranar da ya buɗe shi, kuma yana nan daram ko mai shi ya yi ƙaura. Wanda ya buɗe nasa yana ci-rani a Aljeriya ko Saudiyya, ko ya buɗe da VPN a kunne don kwaɗayin kyaututtukan wata ƙasa, ko ya sayi tsohon asusu a hannun wani, zai iya dawowa Bagudo ya zauna a benci ɗaya da abokinsa amma su kasa ganin juna. Alamar a bayyane take: a rubuta lambar UID ɗinsa daidai a wurin neman aboki, gem ya ce bai same shi ba. Maganin da ke akwai shi ne buɗe sabon asusu a gida, VPN a kashe. PUBG Mobile ya fi sassauci, yana barin mutum ya zaɓi saba, amma a ƙarshen 2020 ya sa dokar jiran kwana 60 kafin a sake sauyawa, don haka gara tawaga ta yi shawara kafin kowa ya danna. Shi kuma Call of Duty: Mobile yana da bugun Garena na kudu maso gabashin Asiya, wanda ba ya haɗuwa da bugun sauran duniya. Wanda aka tura wa fayil ɗin gem ta Xender ya kamata ya duba wane bugu aka ba shi, kuma ko shi ne na baya-bayan nan, domin wanda bai sabunta ba ba ya shiga fili da wanda ya sabunta.

A nan ne ƙasa take da ɗan tasiri, ta fuskar nisa. Saƙon da ya tashi daga wayar Kaoje ba ya tsallakawa Segbana kai tsaye, ko da garuruwan suna maƙwabtaka. Yakan gangara kudu ta layukan kamfanin sadarwa, sau da yawa har Legas, ya bi wayar ƙarƙashin teku zuwa inda sabar take, sannan ya juyo. Na Segbana shi ma nasa yakan bi ta Kwatano. Lambar da ke gefen allo da `ms` a jikinta ita ce lokacin zuwa da dawowar. Haske a cikin wayar gilashi yana cin kusan kilomita 200 a kowane kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, don haka zuwa Turai da dawowa daga Legas ko Kwatano ba zai gaza 50 ba ko a lissafin takarda, a zahiri kuma yakan kai 100 ko ya wuce. Da 100 zuwa 150 ana iya wasa. Idan lambar ta riƙa tsalle daga 120 zuwa 400 tana dawowa, matsalar tana kusa: sabis ne mai rauni, ko hosfot ɗin da mutum biyar suka hau, ko wayar da ke kan iyaka tana laluben turken wata ƙasa. A irin waɗannan garuruwa yana da kyau a shiga saitin waya a zaɓi kamfanin layi da hannu, kada a bar ta tana zaɓa da kanta. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, Najeriya da Benin duka sun ji a jikinsu, kuma babu saitin da ya ceci kowa a ranar.

Sai batun dukiya, wanda ya fi duk sauran ciwo idan ya lalace. Matakin mutum da kayansa ba a cikin waya suke ba, suna ajiye ne a sabar kamfani, kuma abin da ke nuna nasa ne shi ne asusun da ya ɗaure su da shi. Da yawa suna fara wasa ta maɓallin Guest saboda sauri. Wannan asusun baƙo ne, shaidarsa tana cikin wayar kaɗai, kamar kuɗin da aka ɗaure a bakin zane. Waya ta faɗa ruwa a hanyar Lolo, ko mai gyara ya wanke ta, ko an sayar da ita, shi ke nan. Ɗaurewar ba ta cin minti biyar: a Free Fire ana shiga saiti a haɗa da Facebook ko Google, a eFootball da KONAMI ID, a Call of Duty: Mobile da asusun Activision, a Fortnite da na Epic Games, a Clash of Clans da Supercell ID. Wanda ke tunanin wata rana zai bar Android ya koma iPhone ya fi dacewa ya yi amfani da asusun kamfanin gem ɗin, domin Game Center na Apple ne kaɗai, Google Play Games kuma na ɓangaren Android ne.

A kan iyaka akwai ƙarin tarko. Mutane suna riƙe da layi biyu, na Najeriya da na Benin, kuma layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yakan karɓe ya sayar wa wani. Idan da wannan lambar aka buɗe Facebook ɗin da gem ke ɗaure da shi, ranar da aka manta kalmar sirri lambar tabbatarwa za ta tafi wayar baƙo. Haka nan wanda ya bar mai shagon caji ya buɗe masa Gmail bai karɓi kalmar sirrin ba, ƙungiyarsa tana hannun wani ne ba tare da ya sani ba.

Ko asusun ya bi mutum, kuɗin cikin gem ba lallai su bi shi ba. A Fortnite, riguna da matakin Battle Pass suna zuwa kowace na'ura, amma V-Bucks da aka saya a Nintendo Switch a can ake kashe su. A FC, ƙungiyar Ultimate Team tana tafiya tsakanin PS4 da PS5 muddin asusun ɗaya ne, amma ba ta tsallakawa Xbox ko kwamfuta. Babban wan na Kwatano, idan ya sayar da PS5 ya sayi laftof, zai ci gaba da karawa da ɗalibin, amma da sabuwar ƙungiya daga tushe. Shi ma Warzone Mobile da aka ambata a baya, Activision ya cire shi daga shagunan manhaja a watan Mayun 2025, wata goma sha huɗu kacal bayan fitowarsa, abin da ke nuna cewa abin da aka saya a gem yana rayuwa ne iya tsawon lokacin da kamfani ya bar sabarsa a kunne.

Ga 'yan gidan nan huɗu, lissafin ya tsaya a haka: FC 25 zai haɗa biyu-biyu ne kawai, Kwatano da Birnin Kebbi, ko Kwatano da Bagudo idan na'urar shagon tana shiga intanet. Free Fire ko PUBG Mobile a waya zai haɗa su duka huɗu, muddin asusunsu na yanki ɗaya ne kuma kowa ya sabunta. Duk mai shirin sayen na'ura ko gem don ya yi wasa da wani takamaiman aboki, ya fara kiransa ya ji sunan gem ɗin da shekararsa, da na'urar da yake bugawa a kai, da sabar da asusunsa yake, kafin ya biya ko sisi. Wanda kuma har yanzu yake wasa a matsayin Guest, ya ɗaure asusunsa yau da imel ɗin da shi kaɗai ya san kalmar sirrinsa.